Yadda Ake Rubuta Saƙon Neman Taimako na Ƙungiyar Matasan Unguwa, da Imojin da Suka Dace da Shi

Duk wanda ke zaune kusa da kogin Dilimi a Jos ya san halin da ake shiga idan Yuli da Agusta suka kama. Mutanen Rikkos da Gangare ba su manta da ambaliyar watan Yulin 2012 ba, wadda ta ci rayuka ta rushe gidaje, kuma kusan kowace damina sai an samu katangar da ta faɗi ko ɗakin da ruwa ya cinye. Idan hakan ta faru, matasan unguwa ne ke fara isa wurin da shebur da baro, su ne kuma daga baya ake cewa su rubuta saƙo a tura WhatsApp a nemi taimako. Na daɗe ina riƙe da sakatarancin ƙungiyar matasan unguwarmu, na rubuta irin wannan saƙo sau da yawa, kuma na ga wanda ya kawo kuɗi, na ga wanda aka wuce shi kamar ba a gani ba. Zan bi da kai ta misali ɗaya daga farko har ƙarshe: ruwan dare ya rushe ɗakuna a gidaje uku, iyalai suna kwana a gidajen maƙwabta, ƙungiya tana son a sake ɗaga musu ɗakunan kafin ruwa ya ƙara sauka.

Kafin ka taɓa waya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da rubutu. Rubutu shi ne aiki na uku ko na huɗu. Na farko, ku je wurin mutanen da abin ya shafa ku nemi izininsu. Ba kowane magidanci ne ke son a ji sunansa a guruf-guruf ana nema masa taimako ba, kuma yana da haƙƙin ya ƙi. Ka zauna da shi ka ce, "Baba, muna son mu sanar da jama'a abin da ya faru. Mu faɗi suna ko mu ce wani gida kawai? Mu ɗauki hoton katangar ko mu bari?" Abin da ya ce shi za a bi. A ra'ayina hoton bangon da ya zube ya isa. Hoton mata da yara suna kuka a kan tarkace yana iya kawo kuɗi da sauri, amma damina za ta wuce hoton yana nan a wayoyin mutane, yaran kuma za su girma.

Daga nan sai mai unguwa da liman, idan kuma a cikin waɗanda abin ya shafa akwai Kirista, sai a haɗa da faston cocinsu. Ba don al'ada kawai ake wannan ba. Wanda zai ba da dubu hamsin yakan kira wani babba ya tambaya, "Ranka ya daɗe, gaskiya ne yaran nan suna tara kuɗi?" Idan mai unguwa ya ce bai sani ba, magana ta mutu a nan.

Sai lissafi. Ku kawo magini ya auna, ya faɗi abin da ake buƙata, wani ya je ya tambayo farashi a ranar. Alƙaluman da zan sa a nan na misali ne, kai ka sa na kasuwarku. A ce bulo 600 a kan naira 700 kowanne, ya kama 420,000. Siminti buhu 20 a kan 10,000, ya kama 200,000. Yashi tifa ɗaya, 80,000. Kuɗin magina da leburori, 150,000. Katifu da barguna, 130,000, domin wanda ya san sanyin Jos da damina ya san bargo ba ƙawa ba ne. Jimla 980,000. Kafin a fita neman na waje, 'yan ƙungiya su fara sa nasu. A ce sun haɗa 180,000, saura 800,000. Wannan jimlar, "mun fara da kanmu, mun haɗa kaza", tana da nauyi fiye da duk wani roƙo da za ka rubuta, saboda mutum ya fi sakin jiki da wanda ya riga ya sa hannu a aljihunsa.

Maganar asusu takan jawo gardama a taro, amma kada a kauce mata. Mafi kyau shi ne asusu mai sunan ƙungiya wanda ba a fitar da kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. Banki yakan nemi takardar rajistar ƙungiya daga hukumar CAC kafin ya buɗe irin wannan, kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne, don haka a yi shi tun lokacin rani. Idan ƙungiyarku ba ta da shi kuma abu ya riga ya faru, to a yi amfani da asusun ma'aji, amma wanda babu kuɗinsa na kansa a ciki, a kuma faɗa a fili cikin saƙon cewa sunan da za a gani na ma'ajin ƙungiya ne. Mai tura kuɗi yana ganin sunan mai asusu kafin ya danna, kuma idan saƙo ya ce ƙungiya amma waya ta nuna sunan wani mutum ba tare da bayani ba, da yawa a nan suke fasawa.

Jikin saƙon

WhatsApp yana yanke dogon saƙo ya sa "Read more" a ƙasa, kuma yawancin mutane ba sa dannawa. Saboda haka layukan farko su ɗauki komai: su wane ne ku, me ya faru, yaushe, nawa ake nema. Sallama layi ɗaya ta isa. Na sha ganin saƙon da ya cinye sakin layi biyu yana gaida shugabanni da iyaye da masu ruwa da tsaki, kafin a kai ga abin da ya faru mai karatu ya riga ya wuce.

Ka rubuta kwanan wata cikakke, har da shekara. Kada ka ce "jiya da dare". Saƙo yana yawo daga waya zuwa waya, wani zai karanta shi bayan wata uku, kuma "jiya" ɗinka zai zama ƙarya ba da niyyarka ba. Haka kuma ka sa ranar rufewa. Neman taimakon da ba shi da ranar rufewa yana sa mutum ya ce "zan tura daga baya", yana kuma ba ɓata-gari damar su ci gaba da yawo da shi bayan an gama aiki.

Ka rarraba babban kuɗin zuwa abin da hannu zai iya ɗauka. Mai sayar da kayan miya a Farin Gada idan ta ga 800,000 za ta ji ba da ita ake ba. Idan ta ga "naira 700 bulo ɗaya ne", ta san inda za ta shiga. Ɗan kasuwar Taminus kuma zai ga "10,000 buhun siminti ɗaya" ya ce a rubuta masa biyar. Ka bar ƙofa ga mai kawo kaya ko ƙarfinsa: wani ba shi da kuɗi amma yana da bargo biyu, wani magini ne zai ba da kwana ɗaya kyauta.

Imoji

A nan ne matasa suka fi ɓata aikin da suka sha wahala a kai, shi ya sa zan daɗe a wurin. Wani ƙaninmu a ƙungiya ya taɓa kawo mini daftarin da ya fara da 🚨🚨🔥, ya sa 💰💸 kusa da lambar asusu, ya rufe da 😭 guda biyar. Niyyarsa mai kyau ce, shi ma ya kwana yana kwashe laka. Na tura wa wani dattijo da ke taimaka mana kullum don ya duba, sai ya kira ni ya ce, "Ɗana, na ɗauka tallar cacar ƙwallo ce, na kusa gogewa." Gaskiya ya faɗa. Jiniya da wuta da jakar kuɗi su ne kayan adon masu tallar caca da masu cewa ka zuba dubu goma ka kwashi dubu hamsin. Idon mutane ya riga ya koyi gudun su. Duk saƙon da ke neman amana bai kamata ya sa rigar waɗannan ba.

Abin da nake bi shi ne, imoji a irin wannan saƙo aikinsa nuna hanya ne, kamar allon bakin titi. Yana gaya wa ido ga wuri, ga asusu, ga lambar waya. Juyayi kuwa kalmomi ne za su ɗauke shi. "Wata tsohuwa da jikokinta huɗu suna kwana a zauren maƙwabci" ya fi fuskar kuka goma taɓa zuciya, kuma bai zubar da mutuncin kowa ba. Don haka waɗanda nake amfani da su kaɗan ne: 📍 a gaban wuri, 🧾 a gaban lissafi, 🏦 a gaban asusu, 📅 a gaban ranar rufewa, 📞 a gaban lambar waya. Ɗaya a farkon layi, ba a tsakiyar jimla ba, ba a jere biyu ko uku ba. Kanun saƙon da sakin layin da ke ba da labarin abin da ya faru, musamman idan an yi rashi, a bar su babu ko ɗaya.

Fuskoki su ne masu haɗari. Matasa da yawa yanzu suna sa 😭 ne idan abu ya ba su dariya sosai, haka ma 💀, don haka abin da kai ka sa da nufin baƙin ciki wani zai karanta shi da wata ma'ana. Ta ɗaya ɓangaren kuma, iyayenmu da ba su saba ba sukan ɗauki 😂 a matsayin kuka saboda hawayen da ke jiki, a ƙaramin allo kuma da wuya a bambance. Na ga an sa shi a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, wanda ya sa bai san abin da ya yi ba sai da aka kira shi. Idan shugabanku dattijo ne kuma shi zai fara tura saƙon, ka ba shi kammalalle, ka roƙe shi cikin ladabi kada ya ƙara komai. Jar zuciya ❤️ ma a ajiye ta. A wurin mutanenmu ta fi kama da saƙon saurayi da budurwa, ba ta dace da takardar da liman zai karanta ba.

Sai na addu'a, wanda a gari kamar Jos yake buƙatar tunani. 🤲 tafin hannu biyu ne a buɗe, yadda Musulmi ke ɗaga hannu, kuma shi ya fi dacewa idan saƙon zai tafi guruf na masallaci ko na Islamiyya. 🙏 hannu biyu ne a haɗe; mutane da yawa suna amfani da shi da nufin godiya ko roƙo, amma wasu Musulmi ba sa jin daɗinsa saboda suna ganin ba siffar addu'arsu ba ce. 🕯️ da 🕊️ kuma an fi ganinsu a sanarwar makoki ta Kirista. Ruwa idan ya zo ba ya tambayar addinin mai gida, kuma masu taimako za su fito daga Unguwar Rogo, su fito daga Tudun Wada. Idan saƙon na kowa da kowa ne, ni nakan bar layin addu'a da kalmomi kawai, "Allah Ya saka wa kowa da alheri", wanda duk mai jin Hausa ya san nasa ne. Idan ana son alamar haɗin kai, 🤝 ba ya ɓata wa kowa rai. Ba laifi ba ne a yi kwafi biyu da suka bambanta a wannan layi ɗaya, muddin alƙaluma da asusu ba su canza ba.

Akwai dalilai na na'ura ma da ke sa a rage. 🤲 bai shigo ba sai a 2017, don haka tsohuwar wayar da ba a sabunta ba tana iya nuna ɗan akwati fanko a madadinsa. Makafin da waya ke karanta wa saƙo da murya suna jin sunan kowane imoji ɗaya bayan ɗaya, ka ga jerin goma azaba ce a kunne. Kada kuma ka taɓa rubuta lambar asusu da imojin lambobi irin 1️⃣2️⃣3️⃣, domin ba za su shiga manhajar banki ba idan aka kwafa. Idan za a tura ta tes ga masu ƙaramar waya, a cire imoji gaba ɗaya: tes ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da imoji ɗaya ya shiga sai ya koma 70, kuɗin turawa ya ninka. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma haka suke yi, saboda haka a kwafin tes kaɗai ana iya rubuta su babu lanƙwasa.

Ga yadda saƙon zai kasance, wuraren da na bar ɗigo-ɗigo kai za ka cike:

Neman taimako daga Ƙungiyar Matasan Unguwar ……, Jos

Assalamu alaikum. A daren …… ga Agusta, shekarar ……, ruwan sama ya rushe ɗakuna a gidaje uku a unguwarmu. Ba a rasa rai ba, amma iyalan suna kwana a gidajen maƙwabta, cikinsu har da wata tsohuwa da jikokinta huɗu. Muna neman naira 800,000 don a sake gina ɗakunan, da izinin masu gidajen da sanin mai unguwa.

🧾 Aikin duka 980,000 ne: bulo 420,000, siminti 200,000, yashi 80,000, magina da leburori 150,000, katifu da barguna 130,000. 'Yan ƙungiya mun fara da kanmu, mun haɗa 180,000.

Naira 700 bulo ɗaya ne, 10,000 buhun siminti ɗaya. Muna karɓar kaya, muna kuma maraba da magini ko leburan da zai ba da yini ɗaya.

🏦 Banki: …… Sunan asusu: …… Lamba: ……
📍 Mai son gani da idonsa ya same mu a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar.
📅 Za mu rufe ranar …… Duk ranar Juma'a za mu sanar da abin da ya shigo. Idan an samu rara, za ta tafi gyaran magudanar ruwan layin.
📞 Shugaba: …… Ma'aji: ……

Wannan ne asusu ɗaya tilo. Duk saƙon da ya zo da wani sunan ba namu ba ne. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Imoji biyar ne a duk saƙon, kowanne yana da aikin yi. Ka lura da maganar rara. Ku yanke wannan shawara tun kafin kuɗi ya shigo, domin rigimar da na fi gani tana raba ƙungiya ba ta ƙarancin kuɗi ba ce, ta dubu arba'in ɗin da suka rage ce babu wanda ya faɗi inda za su. Sunan asusun kuma ka sa shi ya yi kauri ta hanyar sa tauraro a gaba da baya:

```
*Sunan asusu*
```

Turawa

Kafin ya fita, mutum biyu su karanta da ƙarfi, ɗaya ya ƙirga lambar asusun ya tabbatar goma ce, sannan ya tura naira 100 ya ga sunan da ya fito. Bayan babban saƙon ka tura lambar ita kaɗai a saƙo na biyu, saboda idan mutum ya danna kwafi a WhatsApp duk rubutun yake ɗauka, kuma cire lamba goma daga ciki yana sa wasu su haƙura. Ka haɗa da hoto guda da aka rubuta sunan asusu da lambar a jikinsa. Rubutu kowa yana iya kwafa ya canza lamba ya tura gaba, mun kuma taɓa kama wani da ya yi mana haka; hoto ya fi wuyar taɓawa, kuma yana ba mai shakka abin da zai gwada da shi. Ga waɗanda karatun boko bai zauna musu ba, shugaba ya yi saƙon murya na minti ɗaya, ya faɗi abin da ke rubuce ba ƙari.

Kada ku dogara ga "a tura gaba" kawai. Saƙon da ya bi hannu da yawa WhatsApp yana sa masa "Forwarded many times", daga nan ba a iya tura shi sai wuri ɗaya a lokaci guda, mutane kuma suna yi wa wannan alamar kallon jita-jita. Ya fi kyau kowane ɗan ƙungiya ya zaɓi mutum goma da ya sani, ya fara da gaisuwa da bakinsa, "Kawu, ina wuni, ga abin da ya samu maƙwabtanmu, ni ma ina cikin masu aikin", sannan ya liƙa saƙon. 'Yan unguwa da ke aiki a Abuja ko Kaduna, waɗanda galibi su ne ke ba da mai tsoka, kira ya fi dacewa da su.

Bayan kuɗi ya fara shigowa

Ma'aji ya riƙe littafi, ya rubuta kowace shiga da ranarta. Hoton shaidar tura kuɗi ba kuɗi ba ne, alat ɗin da ya zo ta tes ma ana ƙirƙirar na bogi. Abin da za a rubuta shi ne wanda aka gani a cikin asusun kansa. Ka tambayi kowane mai bayarwa ko yana son a ambaci sunansa; da yawa sun fi son a ce "wani bawan Allah", kuma wanda ya ba da ɗari biyar bai kamata ya ga sunansa a ƙasan mai dubu ɗari ya ji kunya ba.

Sanarwar Juma'a gajeriya ce: "Zuwa yau an samu 465,000, saura 335,000. An sayi bulo 300 da siminti buhu 10, ga rasit." A nan ✅ yana da amfani a gaban abin da aka kammala. 🎉 da 💃 kuwa a bar su, ko da an cika kuɗin, domin mutanen da ake yi wa aikin har yanzu suna ƙirga abin da ruwa ya tafi da shi. Idan mako ya wuce kuɗi bai motsa ba, kada a ƙara jiniya a saƙon. A duba ko sunan asusu ne ke tsorata mutane, ko ba a kira manyan unguwa ba, sannan a tura hoton inda gini ya tsaya da adadin bulon da ya rage.

Ranar da aka rufe, a tura saƙo na ƙarshe ta duk hanyoyin da na farko ya bi: jimlar abin da ya shigo, abin da aka kashe layi-layi, hoton rasit, hoton ɗakunan idan masu su sun yarda, da inda rara ta tafi. A saman saƙon a rubuta da kauri cewa an rufe karɓa daga wannan ranar, kada kowa ya ƙara tura kuɗi. A buga kwafi biyu a takarda, ɗaya a kai wa mai unguwa, ɗaya a sa a fayil ɗin ƙungiya tare da rasit na asali.